Yadda ake tankaɗe jawabin ɗan siyasa: kowace magana da mintinta

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar shayi a Garwa ko Marwa lokacin kamfe ya san yadda gardamar take tafiya. Wani ya ce ɗan takara ya faɗa cewa ya haƙa rijiyoyi arba'in, wani ya rantse cewa ya yi "zai haƙa", na uku ya ce ai tafinta ne ya ƙara gishiri. Wayar da jawabin yake ciki tana hannun ɗaya daga cikinsu, amma jawabin minti hamsin ne, ba mai haƙurin nemo wurin. Aikin da zan bayyana a nan shi ne na mai haƙurin: a ɗauki jawabin da aka naɗa, a fitar da kowane iƙirari a layinsa, a rubuta minti da daƙiƙar da aka furta shi, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Zan yi amfani da jawabin wani ɗan takarar magajin gari a wata ƙaramar hukuma ta yankin Arewa na Kamaru. Ni na shirya misalin don koyarwa, don haka alƙaluman da suka fito daga bakinsa da na takardun garinsa na misali ne.

Kwafin da za ka dogara da shi

Lokacin da ka rubuta ba shi da amfani idan ba a san kwafin da ka auna shi a kai ba. Jawabi guda yakan yawo kashi uku ko huɗu: wanda shafin jam'iyya ya watsa kai tsaye, wanda gidan rediyo ya taƙaita, da guntayen da ake turawa a WhatsApp. Na shafin jam'iyya zai iya farawa da minti goma na kiɗa da kirarin maroƙa, na rediyo kuma ya fara daga sallamar mai jawabi. Abin da yake 18:05 a wancan sai ya zama 08:05 a wannan, mai son ƙaryata ka ya buɗe nasa kwafin, bai ji komai a wurin ba, ya ce ƙage ka yi.

Saboda haka nemi mafi tsawo, wanda ba a yanke ba, ka sauke shi a wayarka ko kwamfutarka ranar da ka gan shi, don shafukan kamfe suna goge abin da ya zame musu abin kunya. A saman takardarka rubuta inda ka samo shi, ranar taron, garin, tsawonsa gaba ɗaya, da kalmomin farko da ake ji a 00:00. Idan wani ne zai turo maka ta WhatsApp, ce masa ya turo a matsayin fayil, ba bidiyo ba, domin manhajar tana matse bidiyo har sauti ya dusashe. Wanda yake da kwamfuta ta Linux zai iya ɗaukar hatimin fayil ɗin, wato jerin lambobi da baƙaƙen da suke canzawa in an taɓa ko daƙiƙa ɗaya a cikinsa:

```
sha256sum jawabi.mp4
```

Guntun daƙiƙa talatin kaɗai ba a yanke hukunci a kansa. Sau tari abin da ke juya ma'anar maganar yana cikin jimlar da aka datse kafin guntun ya fara.

Sauraro sau uku

Na farko, ajiye biro. Saurara daga farko har ƙarshe don ka san inda ya yi gaisuwar lamido da manyan baƙi, inda ya shiga lissafin ayyuka, inda ya koma sukar abokin hamayya. Na biyu, da biro: duk inda ka ji lamba, shekara, sunan wuri ko kalmar kwatanci irin "mafi yawa", "karo na farko", "ninki biyu", tsayar, rubuta lokacin. Lokacin da za ka rubuta shi ne na farkon jimlar, ba inda lambar ta faɗo ba, kuma ka haɗa da inda ta ƙare, misali 18:05 zuwa 18:31. Hannu yakan makara da daƙiƙa uku ko huɗu bayan kunne, don haka koma baya kaɗan ka gyara. Na uku shi ne na rubuta kalmomin daidai yadda suka fito, har da "kusan", "fiye da", "in Allah ya yarda".

Manhajar VLC ta wadatar, a waya ko kwamfuta. A kwamfuta `Shift` da kibiyar hagu suna mayar da kai daƙiƙa uku, `Ctrl+T` yana kai ka lokacin da ka rubuta masa, `[` kuma yana rage gudun magana. Rage gudun yana da amfani sosai wajen lambobin Faransanci. Cikin ihun magoya baya da ƙarar janareto, miliyan da miliyar kusan sauti ɗaya suke, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau dubu. Na taɓa rubuta miliyar biyu a wurin da mutum ya ce miliyan ɗari biyu, saboda tafi ya rufe tsakiyar jimlar. Wata abokiyar aikina ce ta sa abin sauraro a kunne ta ce, "Yaya, sake ji, akwai kalma a tsakani." Tun daga nan duk lambar kuɗi sai kunne biyu sun ji ta, kowa shi kaɗai, kafin ta shiga takarda. In mun saɓa, a rubuta "ba a ji sosai ba" a bar ta.

Bakin wa maganar ta fito?

Wannan matsalar tamu ce ta musamman. A taron siyasa na arewacin Kamaru ɗan takara kan karanta rubutaccen jawabi da Faransanci, tafinta ya mayar da Fillanci, wani lokaci a unguwar Hausawa a ƙara da Hausa. A Chadi kuma Faransanci ne da Larabcin ƙasar. Tafinta ba na'ura ba ne, mai neman tafi ne shi ma. Maigidan ya ce an tanadi kuɗin aiki, tafinta ya ce an yi aikin. Don haka takardarka na bukatar gurbin "wa ya faɗa, da wane harshe". Maganar tafinta tana samun layinta da lokacinta, ba a ɗora wa ɗan takara ita. Amma kuma ba a watsar da ita, domin mafi yawan waɗanda suka zo filin ita suka ji suka tafi gida da ita.

Rubuta maganar da harshen da aka yi ta, fassararka ta Hausa ta biyo a ƙasa. Ka kula da ƙidayar kuɗi: a bakin kasuwa dala ɗaya sefa biyar ce, haka riyal a Larabcin Chadi. Idan tafinta ya ce an ƙara wa manomi dala ashirin a kan kowane kilo, sefa ɗari yake nufi. Wanda bai san haka ba zai rubuta cewa tafinta ya rage lambar, alhali daidai ya faɗa.

Abin da ke shiga jeri da abin da ba ya shiga

Tambaya guda ce ma'auni: akwai takarda, ko wuri, ko mutum da zai iya nuna cewa wannan magana haka take ko ba haka take ba, yau? "Garinmu ya ci gaba" ba ya shiga, ra'ayi ne. "Zan kawo wuta kowane ƙauye" alkawari ne, a rubuta shi da lokacinsa a shafi na dabam, zai yi amfani bayan shekara biyar. "Mun haƙa foraj arba'in", wato rijiyoyin burtsatse, yana shiga.

Daga jawabin misalinmu, ga abin da ya saura bayan tankaɗe:

12:40 zuwa 12:52, ɗan takara, Faransanci: "Madatsar Lagdo tana ba mu megawat 72."

18:05 zuwa 18:31, ɗan takara, Faransanci: "Cikin shekara biyar mun samar da foraj arba'in a ƙauyukanmu, da kuɗin ƙaramar hukuma, miliyan ɗari biyu."

18:32 zuwa 18:50, tafinta, Hausa: "Ya haƙa muku rijiyoyi arba'in, kowane ƙauye yana shan ruwa."

27:14 zuwa 27:25, ɗan takara, Hausa: "A 2022 aka gina mana jami'a a Garwa."

33:02 zuwa 33:15, ɗan takara, Faransanci: "Yaran da ke makarantun firamarenmu sun ninka."

Layi biyar daga minti hamsin. Haka abin yake zama, kada ka ji kamar ka yi ƙwauro.

Jimlar 18:05, a warware ta

Nan ne aikin yake, kuma nan masu gaggawa suke faɗuwa. Jimlar tana kama da magana ɗaya, amma huɗu ce a ɗaure: yawan foraj, tsawon lokacin, tushen kuɗin, da adadin kuɗin. Tunda jimlar ita ce ta biyu a jerin, ka ba kowace lambarta, 2a, 2b, 2c, 2d, duka da lokaci ɗaya. In ka bar su a dunƙule, hukunci ɗaya za ka ba su, kuma ko "gaskiya" ka ce ko "ba gaskiya ba" ka zalunci wani ɓangare.

Kafin ka nemi ko takarda guda, ja layi a ƙarƙashin kalmar aikatau. "Mun samar." Me take nufi? Aikin gwamnati yana da matakai, kuma kowane mataki da takardarsa. Akwai sa aiki a kasafi. Akwai ba da kwangila. Akwai fara haƙa. Akwai karɓar aiki, lokacin da kwamiti ya je ya gani ya sa hannu a takardar shaidar kammalawa. Bayan duka akwai tambayar da mai tulu take yi: yau famfon yana kawo ruwa? Ɗan siyasa mai wayo yakan zaɓi kalma mai faɗi da za ta rufe matakan nan duka, ya ƙirga da lambar matakin farko, mai sauraro kuma ya ji ta da ma'anar na ƙarshe. Dubi abin da tafinta ya yi da ita a 18:32.

Matakin kasafi shi ne mafi sauƙin dubawa a Kamaru. Kowace shekara ma'aikatar tattalin arziki da tsare-tsare, MINEPAT, tana fitar da kundin ayyukan kasafin zuba jari na gwamnati, wanda za ka nema da sunansa `Journal des projets`. An jera ayyukan yanki-yanki, da sunan wurin da kuɗin da aka ware. Shekarar kasafi daga Janairu zuwa Disamba take, don haka "shekara biyar" na nufin kundi biyar za ka buɗe, ka nemi sunan ƙaramar hukumar da kalmar `forage` a kowanne. Yi hattara da aikin da bai samu yiwuwa ba aka sake sa shi a shekara ta gaba: sunan ƙauye ɗaya ya fito sau biyu, foraj ɗaya ne, ba biyu ba. Matakin kwangila kuma ana bin sa a sanarwar hukumar kula da kwangilolin gwamnati, ARMP. Takardun karɓar aiki suna ofishin ƙaramar hukuma da ofishin ma'aikatar ruwa na yankin; rubuta takardar neman gani, ka riƙe kwafi mai hatimin ranar da aka karɓa, ko da ba su amsa ba.

Sai ƙafa. Yawancin foraj suna da allo ko rubutu a jikin siminti mai nuna shekarar aikin da wanda ya biya. Nan 2c take warwarewa. Za ka ga wani an rubuta BIP, wato kasafin gwamnatin tsakiya, wani FEICOM, asusun da ke tallafa wa ƙananan hukumomi, wani PNDP, shirin gwamnati na raya ƙasa tare da al'umma, wani kuma sunan ƙungiyar agaji ko wani attajirin garin. Ɗauki hoton allon da na famfon, ka buga shi da hannunka ka ga ko ruwa zai zo, ka tambayi matan da ke wurin tun yaushe yake haka. Ka rubuta ranar da ka je, domin foraj da ke ba da ruwa a Satumba zai iya ƙafewa a Afrilu. Idan ba za ka iya zaga arba'in ba, faɗi nawa ka gani, kuma kada ka zaɓi na bakin kwalta kaɗai.

A ce ga abin da ka samo. Sunaye arba'in sun fito a takardu, amma uku maimaici ne, saura 37. Daga ciki 29 suna da takardar karɓa, 8 ba a fara ba ko an watsar a tsakiya. Cikin 29 ɗin, 11 ne allonsu ya nuna kuɗin ƙaramar hukuma. Ka ziyarci 20, ka samu 14 suna kawo ruwa. Hukuncin sai ya rabu: 2a, lambar arba'in ta kasafi ce, waɗanda aka kammala 29 ne. 2b, daidai, duk cikin shekarun nan biyar ne. 2c, ba daidai ba, 18 cikin 29 wasu ne suka biya. Maganar tafinta cewa kowane ƙauye yana shan ruwa ta faɗi tun a famfo na farko da ka samu a bushe.

Ita 2d, fara da rabawa. Miliyan ɗari biyu a raba wa arba'in, miliyan biyar kowanne. Kwatanta da abin da kundin ya ware wa foraj ɗaya a ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka a shekarun nan. Idan sun yi kusa, lambar ba ta da abin mamaki, sai dai a tambaya ko kuɗin da aka ware ne ko wanda aka biya. Da miliyar biyu na bari a takardata ranar nan, da rabawar ta ba ni miliyan hamsin kowane foraj, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa in koma in sake sauraro. Rabawa tana kama kuskuren mai jawabi, tana kama naka.

Sauran layukan

Na 12:40 irin maganar da lambarta gaskiya ce amma aikatau ɗinta ya zarce. Madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a farkon shekarun 1980, injinanta huɗu ne, kowanne megawat 18, jimla 72. Wannan shi ne iyakar ƙarfin da aka kafa ta da shi. Abin da take bayarwa a zahiri yana bin yawan ruwan da ke tafkin da lafiyar injinan, kuma duk wanda ya kwana cikin duhu a Garwa lokacin zafi ya san ba kullum take cika shi ba. Hukunci: lambar daidai ce a matsayin ƙarfin da aka kafa, "tana ba mu" kuma ba a nuna shi ba.

Na 27:14 ma haka. A Janairun 2022 dokar shugaban ƙasa ta ƙirƙiro jami'o'in gwamnati uku, na Garwa da Bertoua da Ebolowa. Shekarar daidai ce. Amma ƙirƙira a takarda daban, gini daban, kuma da Hausa ya yi maganar, "gina" ya ce. A nan ni nakan sassauta: mutane da yawa suna cewa "gina" suna nufin "kafa". Sai in rubuta "daidai, da gyaran kalma", in wuce. Ba kowace tuntuɓen harshe ba ce yaudara, kuma jerin da ke kama mutum a kan ƙananan abubuwa yana rage wa manyan nauyi.

Na 33:02 ba shi da ƙafa. Sun ninka daga yaushe? Ba shekarar farawa, ba lamba. Kana iya zuwa ofishin sufeton firamare ka nemi yawan ɗalibai na shekarar da ya hau da na bana, ko ka duba kundin alƙaluman shekara na ma'aikatar ilimin firamare. Amma ka bayyana cewa kai ka zaɓi shekarar farawa, ba shi ba. Ka kuma tambaya ko an buɗe sababbin makarantu ne, ko iyalai da suka gudo daga bakin iyaka ne suka ƙaru a garin, domin yara kan ƙaru ba da hannun magajin gari ba. Idan alƙaluman ba su samu ba, hukuncin shi ne "ba a iya tabbatarwa ba", kuma wannan ba ya nufin ƙarya ce.

Kafin ka fitar

Kalmomin hukunci huɗu sun isa: daidai, daidai amma da saura, ba daidai ba, ba a iya tabbatarwa ba. Ni ba na rubuta "ƙarya". Ƙarya tana nufin ya san gaskiya ya karkace, kuma zuciyar mutum ba ta cikin bidiyon. Ban da haka, dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai yaɗa labarin da ba zai iya kawo hujjarsa ba, don haka kowane layi ya kasance da hoton takarda ko na allo a ajiye, a wuri biyu.

Aika wa mutanen ɗan takarar layukan da suka faɗi, da lokutansu da kalmominsa, ka ba su kwana biyu ko uku. "Ranka ya daɗe, a 18:05 an ce arba'in, mun samu takardar karɓa ta 29. Akwai sauran da ba mu gani ba?" Wani lokaci su kawo takardu uku da ba ka samu ba, sai 29 ta koma 32, ka gyara. Wani lokaci su ce ba haka ya faɗa ba, sai ka tura musu guntun. Ana yanke shi da `ffmpeg`, a bar daƙiƙa goma kafin jimlar da goma bayanta, don kada a ce ka datse:

```
ffmpeg -ss 00:17:55 -to 00:18:41 -i jawabi.mp4 -c copy layi2.mp4
```

Da `-c copy` yankan yakan iya gocewa da daƙiƙa ɗaya ko biyu, saboda haka kalli guntun kafin ka tura. Idan bidiyon yana YouTube, mayar da lokacin daƙiƙoƙi ka liƙa a ƙarshen adireshin. Minti 18 sau 60 ya ba da 1080, a ƙara 5, sai `&t=1085s`. Wanda ya latsa zai sauka daidai kan "cikin shekara biyar".

Ga yawancin masu karatunmu da kuɗin data ke yi wa nauyi, kati ɗaya ga kowane layi ya fi dogon rubutu tafiya: lokaci a sama, kalmominsa a tsakiya, abin da aka samu a ƙasa, da ranar da aka duba. A ƙasan kowane kati maimaita sunan kwafin da tsawonsa, misali "na shafin kamfe, minti 51 da daƙiƙa 20", domin katin zai rabu da 'yan'uwansa tun a turawa ta biyu, ya isa wayar wanda kwafin rediyo ne kawai a hannunsa.